Yadda Ake Gane Tona Da Tawadar Firinta Na Jabu Kafin A Biya Kuɗi

Tun da na ba da labarin tonar da ta ƙare mini a tsakiyar aikin furojet ɗin ɗalibai, masu shagunan buga takardu da ma'ajiyan makarantu a nan Katsina suke ta tambayata abu ɗaya: ta ina mutum zai gane jabu alhali kwalin a rufe yake? Ga amsar daki-daki. Zan yi misali da tonar HP 85A, wadda cikakkiyar lambarta CE285A, ta firintar LaserJet P1102 da M1132, domin da wuya ka zaga shagunan Ƙofar Ƙaura ko na bakin manyan makarantu ba ka ga irinta ba.

Abu guda nake so ka riƙe tun daga farko. Yawancin jabun da ke yawo ba sabuwar roba aka ƙera ba. Tsohon katirij ne na kamfani da wani ya gama amfani da shi, aka sayi kwankon, aka ɗura masa garin tona mai arha, aka goge shi, aka saka shi a kwali kamar sabo. Saboda haka ganin sunan kamfani a jikin robar ba hujja ba ce, robar tasu ce da gaske. Abin da kake nema shi ne alamar cewa wannan katirij ya taɓa shiga firinta, ko kuma hannu ya taɓa buɗe shi.

Kada kuma a haɗa jabu da kwafi. Akwai tonar wasu kamfanoni mai ɗauke da nata suna a kwali, a rubuta cewa tana aiki da firinta kaza, a sayar da ita da arha. Akwai masu ɗuri da za su gaya maka ɗuri ne. Waɗannan ba su yaudare ka ba, ni ma ina amfani da su a aikin da ba ya buƙatar kyau sosai. Jabu shi ne wanda aka sa wa rigar orijina aka karɓi kuɗin orijina.

1. Abin da za ka tafi da shi

Wayarka da data, da tocilarta. Farar takarda ko farin hankici. Sai abin da ya fi su duka amfani: tsohon kwali da tsohon katirij da ka tabbata orijina ne. Ido ba ya riƙe launi, amma idan ka jera kwali biyu a kan kanta, bambancin da kansa yake fitowa. In ba ka da shi, aro wurin maƙwabcin shago.

Rubuta cikakkiyar lambar katirij ɗinka a takarda, kada ka tsaya a "85A" kawai. Kuma ka yi magana da mai shago tun kafin a taɓa kaya: za ka buɗe a gabansa, in akwai matsala zai karɓi abinsa, kuma zai rubuta maka rasit da lambar katirij da kalmar orijina a ciki.

Gargaɗi: idan daga Kano ko Legas za a saka maka kayan a mota, ka sa a turo maka hoton sitikar kwalin da za a aiko, lambarta tana karantuwa, kafin ka tura kuɗi. In kaya ya iso tasha ka duba ko lambar ɗaya ce.

2. Yi lissafin farashi tukuna

Farashi yana bin dala, don haka duk adadin da na rubuta yau zai tsufa kafin wata. Tambayi wurare uku. Idan biyu sun yi kusa da juna, na uku kuma ya zo da kusan rabi ya ce shi ma orijina ne, to ka san akwai lauje cikin naɗi.

Kamfani ya ce 85A tana buga shafi wajen 1,600, a bisa awon da rubutu ke cin kusan kashi 5 cikin 100 na fuskar takarda, wato wasiƙa ta yau da kullum. Rim uku ke nan da ɗan ɗori. Mu ɗauka, a matsayin misali, orijina naira 80,000 ce: kowane shafi ya tashi a naira 50. Wani ya ba ka "orijina" a 45,000, ta buga shafi 600 ta fara dusashewa: shafi ya tashi a naira 75, ban da takardun da suka lalace. Arha ba ta ado, ba ta kuma riba. Da ka sayi kwafi na gaskiya a kan kuɗinsa na kwafi, da ka fi cin moriya.

Amma kada ka sakankance da tsada. Masu wayo yanzu ɗan ragi kaɗan suke yi, don kada a zarge su.

3. Kwali da bugun rubutunsa

Fito da kwalin bakin ƙofa inda hasken rana yake. Yawancin shagunanmu da duhu a ciki, fitila mai launin shuɗi kuma tana ɓoye aibin launi.

Fara da ƙananan rubutu, ba da babban suna ba. Mai jabu yana ƙoƙari a kan tambari domin nan ido ke fara sauka, amma kwalinsa sau da yawa hoton na asali aka ɗauka aka sake bugawa, kuma duk abin da aka kwafa sau biyu bakinsa yana jiƙewa. Buɗe kamarar waya, ka zuƙo hoton a kan layin da aka jera sunayen firintocin da tonar ke yi wa aiki. A orijina haruffan suna da kaifi kamar an yanka da reza. A jabu za ka ga gefensu da gashi-gashi ko ɗige-ɗige, farin rubutu a kan baƙi kuma yakan cike, har cikin harafin "e" ya toshe. Duba layukan bakod ma: su zama a tsaye, baƙi wuluk, ba su narke cikin juna ba.

Akwai wata dabara da ta fi dacewa da mu. Kwalayen da ake kawowa wannan yanki galibi suna ɗauke da rubutu cikin harsuna da yawa, wasu har da Larabci. Duk wanda ya yi makarantar allo zai iya gane haruffan Larabci da aka tsinka, ba su haɗu da juna ba, ko ɗigon da ya ɓace. Mai jabu bai cika kula da wannan layin ba.

Daga nan sai lamba. CE285A ɗin da ke gaban kwali ta zama ita ce a gefe, ita ce a bakod, kuma daga baya ita ce a jikin katirij. Shafa yatsa a kan inda aka buga kwanan wata da lambar ƙera kaya. Idan ka ji tudun wata takarda da aka liƙa a kan wata, ajiye.

Gargaɗi: kamfanoni suna sauya zanen kwali lokaci zuwa lokaci. Idan kwalinka tsoho ne, bambancin zane kaɗai bai isa ka ce wa mutum jabu yake sayarwa ba. Ingancin bugu kake kwatantawa.

4. Bakin kwali da sitikar tsaro

Nan ne ya kamata ka daɗe. Wasu masu jabu kwalin asali suke saye daga masharan ofisoshi, don haka mataki na 3 ba zai kama su ba. Abin da ba za su iya ɓoyewa ba shi ne an taɓa buɗe shi.

Bi duk bakunan kwalin da yatsa. Gam ɗin kamfani a ciki yake, a layi, ba a ganinsa. Idan ka ga gam ya tsatso waje, ko ya bushe ya yi ruwan ɗorawa, ko fatar kwali ta ɗaye an danne, ko an bi da salatif mai haske, an sake rufewa ne. Duba ƙasan kwalin da kuma gefen da ba sitika, domin ta can suke shiga su bar sitikar lafiya lau. A kwalin tonar HP akwai zaren da ake ja a yage kwalin, sitikar tsaro kuma tana zaune a kansa ta yadda duk wanda ya ja zai tsaga ta. Ka tabbata zaren bai taɓa tashi ba, kuma babu tsaga a sitikar da aka haɗa da dabara.

Sai ita kanta sitikar. A wadda aka fi sani, akwai alamar "OK" da alamar maki, irin wanda malami ke yi wa amsar da ta yi daidai. Karkata kwalin gaba da baya: alamomin biyu za su yi tafiya, ɗaya ta nufi nan ɗaya ta nufi can. Karkata shi hagu da dama: sai su tafi tare. Sitikar jabu tana walƙiya, wani lokaci ma ta fi ta gaske ƙyalli, amma alamominta a tsaye suke cak. Motsi kake nema. Sababbin kwalaye na iya zuwa da wani salon sitika, amma ƙa'idar ita ce a ga hoto yana sauyawa idan an karkata.

A kan sitikar akwai lambar QR da lambar siriyal. Ɗauki QR ɗin da waya, ko ka rubuta wannan adireshi da hannunka ka shigar da siriyal ɗin:

```
hp.com/go/ok
```

Gargaɗi: bayan ka ɗauki QR, kalli adireshin da ya buɗe kafin ka kalli saƙon. Mai jabu yana iya buga QR nasa da zai kai ka wani shafi da ya ƙirƙira, mai ce wa kowa "orijina ne". In adireshin ba na hp.com ba ne, amsar banza ce.

Kuma ko amsar ta yi kyau, ce wa mai shago ya ɗauko maka kwali na biyu. Kowane kwali da siriyal ɗinsa. Idan biyu suka zo da lamba iri ɗaya, sitika guda aka kwafa aka buga da yawa. Wannan gwaji na minti ɗaya ne kuma ba ya buƙatar data.

5. Buɗe a gaban mai shago

Katirij yana zuwa cikin leda a rufe ruf, bakinta a manne da zafi, layi ɗaya miƙaƙƙe. Ledar da aka ɗaure, ko aka naɗe da salatif, ko mannenta ya karkace ya yi biyu, ba daga kamfani take ba. Kafin ka yage, haska tocila: kada ka ga baƙin gari a kwance a ƙasan ledar.

Fito da shi ka goga farin hankici a gefuna biyu da ƙarƙashi. Sabo ba ya baƙanta hankici. Dubi kawunan sukurorin da ke gefe: na sabo sumul suke, wanda sukundireba ta taɓa kuwa za ka ga bakinsa ya ɗan ci, ƙarfen yana haske. Dubi 'yan ƙafafun robar da ke gefe, waɗanda katirij ke zamewa a kansu idan ana tura shi cikin firinta. Shiga da fita yana goge su, ya bar dogayen layuka. Wasu suna shafa wa robar mai don ta yi sheƙi. In ka ji santsi a yatsa, tambayi kanka me sabon kaya zai yi da kwalliya.

Karanta lebul ɗin jikin katirij. Ya zauna daidai cikin gurbinsa, babu kumfar iska, babu kusurwar da ta ɗaga, babu shatin tsohon gam a gefensa. In ka ga kalmar "Introductory", magana ta ƙare. Wannan shi ne katirij ɗin da ke zuwa cikin sabuwar firinta, na P1102 shafi wajen 700 kawai yake yi, kuma ba a sayar da shi a kwali.

Gargaɗi: idan ka ɗaga murfin diram, wato doguwar gangar cikin katirij da ke ɗora garin tona a kan takarda, don ka duba ko akwai ƙarzuwa, yi shi a inuwa, cikin daƙiƙa kaɗan, kuma kada yatsanka ya taɓa shi. Haske da maiƙon hannu suna ɓata diram, sai ka lalata orijina da hannunka.

6. Wurin cif

Cif shi ne ɗan ƙaramin allon nan, bai kai farcen babban yatsa ba, mai fuska biyu masu ruwan zinariya kamar na layin waya. Da shi firinta ke gane katirij, take kuma ƙirga shafuka. A ganina babu wurin da ke tona asirin jabu kamar nan, domin mai ɗuri yana tsakanin abu biyu: ya bar tsohon cif, ko ya sauya shi. Kowanne yana barin sawu.

Idan ya bar tsohon, haska tocila a karkace, kada ka haska kai tsaye. Cikin firinta akwai 'yan wayoyin ƙarfe da ke danna fuskar cif duk lokacin da aka saka katirij. Suna barin ƙarzuwa a tsakiyar kowace fuska, siririn layi ko ɗigo mai zurfi inda zinariyar ta goge. Sabon cif fuskarsa ɗaya ce daga gefe zuwa gefe. Duba kusurwoyin gurbin kuma. Ƙurar hunturu da garin tona suna maƙalewa a can, tsumma ba ya kai musu.

Idan ya sauya, kalli robar da ta kewaye cif ɗin. A 85A kamfani yana zura cif cikin gurbi ne, ya narkar da ɗan bakin robar ya riƙe shi. Ba a fitar da shi sai an yanke wannan baki da wuƙa. Saboda haka za ka ga yankan reza, ko roba ta yi fari inda aka banƙare ta, ko ɗigon gam mai ƙarfi ya bushe ya bar farin hazo, ko ƙonon ƙarfen soda. Taɓa cif ɗin da gefen farce a hankali. Na kamfani ba ya motsi. Wanda ke rawa, ko ya zauna a karkace, ko aka manna da salatif mai fuska biyu, an sauya shi. Jera shi da tsohon katirij ɗinka ka kwatanta girma da launin allon.

Ranar da na koma da tawa tonar, wadda ta fara fitar da rubutu fari-fari bayan rim ɗaya da 'yan shafuka, nan na nuna wa mai shagon. Ya ce, "Haba Malam, wallahi a rufe aka kawo mini ita." Na ce, "Alhaji, ban ce kai ka yi ba. Riƙe tocilar nan ka duba da kanka." Ya sa tabarau ya duba: ga yankan reza a bakin gurbin, ga busasshen gam kamar ƙwayar gero. Ya yi shiru, can ya ce a ɗauko sauran kwalaye huɗun da suka rage. Uku daga ciki siriyal ɗinsu ɗaya. Na yarda bai sani ba, shi ma sayar masa aka yi, kuma ya mayar mini da kuɗina.

Gargaɗi: ba kowane katirij ke da cif ba. Tonar 12A, ta LaserJet 1018 da 1020, ba ta da shi tun daga kamfani. Kada ka ga babu ka tayar da rigima.

7. Zaren da ke rufe garin tona

A 85A da 12A da ire-irensu akwai abin ja a gefe, wanda ke fitar da doguwar ledar da ta tsare garin tona. Girgiza katirij a hankali hagu da dama sau biyar ko shida, ɗora shi a kan tebur, ka ja a miƙe. Na kamfani yana da ɗan nauyin ja iri ɗaya daga farko har ƙarshe, ya fito dogo, wajen rabin mita, a miƙe. Na jabu yakan fito gajere, ko a yamutse, ko ya tsinke a hanya, ko ya zare ba nauyi ko kaɗan domin ado ne kawai aka soka. Idan gari ya zubo tun kafin ka ja, dama ba a rufe yake ba.

Gargaɗi: wasu sababbin katirij, irin su 26A, ba su da abin ja, firinta ce ke cire murfin da kanta. Kuma da zarar ka ja zare, masu shago da yawa ba sa karɓar kaya, don haka gama matakai na 3 zuwa 6 tukuna.

8. Bari firinta ta ba da shaida

Saka shi ka karanta abin da ya fito a allon firinta ko na kwamfuta. Saƙo irin "Genuine HP" alama ce mai kyau. "Used or counterfeit" ko "Non-HP" a kan abin da ka saya a matsayin sabon orijina kuwa, cire shi ka mayar.

Sannan buga shafin da ake kira "Supplies Status". A firintoci masu allo yana ƙarƙashin "Reports". A marasa allo ta manhajar firintar a kwamfuta ake buga shi. Duba adadin shafukan da katirij ya buga. Sabo daga sifili yake farawa. In ka ga ɗaruruwa, ko gejin tona ya nuna saura kaɗan, tsohon cif ne. Sai dai akwai cif na kwaikwayo da ke iya ruɗar firinta ta ce orijina ne, shi ya sa ban sa wannan mataki a gaba ba.

A ƙarshe buga shafi mai babban baƙin murabba'i, da wani mai rubutu zalla. Baƙin ya fito cif-cif ba zane-zane, farin takarda kuma ya zauna fari, ba toka-toka ba. Murza rubutun da yatsa. Kada ya goge. Ɗigon da ke maimaituwa a tazara ɗaya daga sama zuwa ƙasa yawanci ciwon tsohon diram ne.

9. In tawada ce

Ga ƙananan katirij irin HP 123 ko Canon PG-445, hanyar ɗaya ce, wuraren dubawa ne suka sauya. Fuskar jan ƙarfe mai ɗige-ɗige ita ce ke haɗuwa da firinta: a wanda aka yi amfani da shi, kowane ɗigo yana da ɗan lotsawa a tsakiya. Salatif ɗin da ke rufe bakin tawada ya kwanta sumul, ba tabon tawada a ƙarƙashinsa. Shafa lebul ɗin sama da yatsa, domin ta ƙarƙashinsa ake soka allura a yi ɗuri. Za ka ji rami, ko ka ga an ɗaye an mayar.

Tawadar kwalba, irin Epson 664 da 103, ba ta da cif, don haka kwali da murfi da lebul kaɗai gare ka. Kwalbar 664 tana da takardar gwangwani manne a baki a ƙarƙashin murfi. Ta zama a manne ko'ina, ba jiƙa. Jera kwalabe biyu ka ga ko tawadar ta tsaya a tsayi ɗaya. A nan na fi tsananta bincike, domin tonar jabu in ta ƙi sai a cire, amma tawadar da ta shiga tanki ta bi bututu ta toshe kan firinta, gyaranta wani kuɗi ne daban.

10. Bayan ta ƙare

Ajiye rasit da kwali har tonar ta ƙare, ka rubuta a jikin kwalin ranar da ka saka da adadin shafukan da firinta ta nuna a ranar. Idan ta yi aikinta daidai, wannan kwali da kwankon su ne ma'auninka a saye na gaba. Sauran kwalayen da ba ka buƙata, yage sitikar gida biyu, ka tsaga kwalin kafin ka zubar. Masu zagayawa ofisoshi suna neman "kwankon tona da kwalinsa" sun fi biyan kuɗi a kan kwalin da bai yage ba. In za ka sayar wa mai ɗuri kwanko, sayar masa da robar kaɗai.